Babi na Bakwai: Yadda Ake Gano Turjiyar Cikin Batir da Awo Biyu

Darasi na 1: Abin da muke nema

Kun san irin batirin nan da mitar awon wuta za ta nuna maka bolt 12.5, ka ce lafiyarsa ƙalau, amma da ka jona masa fitilar gaba ta babur sai hasken ya yi ja kamar garwashi. Wutar tana nan a ciki, hanyar fitowarta ce ta ƙuntata. Wannan ƙuncin shi muke kira turjiyar ciki, ana auna shi da om. Batir mai lafiya turjiyarsa kaɗan ce ƙwarai. Yana tsufa tana ƙaruwa.

Kada ka juya mita zuwa wurin alamar Ω, wato wurin auna om, ka ɗora a kan batir wai kana neman turjiyarsa. Wannan wurin na abin da babu wuta a jikinsa ne. In ka yi haka lambar ƙarya za ka gani, kuma mitar na iya lalacewa. Turjiyar ciki ba a ganinta kai tsaye. Sai an sa wa batirin lodi iri biyu, ƙarami da babba, a ga yadda bolt ɗinsa ya sauka, sannan a yi lissafi. Lodi shi ne duk abin da ke jan wuta daga batir, kamar ƙwan fitila.

Darasi na 2: Kayan aiki da ɗaukar awo

Za mu yi aiki da ƙaramin batir mai bolt 12, wanda aka rubuta wa 7Ah a jiki, irin wanda ake haɗawa da ƙaramar sola. Ku nemi ƙwan fitila biyu na mota: na sigina mai wat 21, da na fitilar gaba mai wat 55. Duk mai sayar da kayan gyaran mota a Katsina ko Daura yana da su. Sai waya mai kauri gajera, da mita mai nuna lamba, da biro da takarda. In aji yana da mita biyu ya fi, ɗaya ta auna bolt, ɗaya ta auna amfa. Bolt shi ne ƙarfin turin wutar, amfa kuwa yawan wutar da ke gudana a waya.

Kafin a taɓa komai, ja layi a tsakiyar takarda daga sama zuwa ƙasa. Gefen hagu rubuta ƙaramin lodi, gefen dama babban lodi. Kowane gefe lamba biyu zai ɗauka, bolt da amfa. Lamba huɗu ke nan. Wanda ya tashi da lamba uku bai gama awo ba.

Mitar bolt: baƙar waya a ramin COM, jar waya a ramin da ke da alamar V, a juya maɓallin zuwa DCV 20. Tsinin jar a kan + na batirin, tsinin baƙar a kan − na batirin. A kan ƙarfen batirin kansa za ka ɗora, ba a kan wayar da ta tafi fitila ba. In ka auna a bakin ƙwan, turjiyar waya da ta tsatsar mahaɗa za su shiga lissafinka, ka ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. In kan batirin ya yi farin gishiri, a kankare shi tukuna.

Mitar amfa ba haka ake jona ta ba. Jar waya tana komawa ramin 10A, maɓalli ma a kan 10A. Ita a kan hanya ake sa ta: daga + na batir zuwa jar wayar mita, daga baƙar wayar mita zuwa ƙwan, daga ƙwan zuwa − na batir. Wutar da za ta je ƙwan dole ta bi ta cikin mitar. Idan jar waya tana ramin 10A, kada ka kuskura ka ɗora tsinin biyu a kan + da − na batirin kamar mai auna bolt. Tartsatsi zai tashi, fis ya ƙone, wayar ta yi zafi, wata mitar ma babu fis ɗin a wannan ramin. Mai mita ɗaya, kowane ƙwan sau biyu za ka jona, sau ɗaya don amfa, sau ɗaya don bolt, kuma da ka gama auna amfa mayar da jar waya ramin V nan take, kafin ka yi magana da kowa.

Jona ƙaramin ƙwan. Ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, karanta bolt, karanta amfa, rubuta a hagu, cire. Bari batirin ya huta kamar minti ɗaya. Jona babban ƙwan, ƙirga biyar ɗin nan dai, karanta, rubuta a dama, cire. Dalilin ƙirgar shi ne lambar tana ci gaba da sauka a hankali muddin ƙwan yana ci, don haka in ka karanta ɗaya a daƙiƙa biyar, ɗaya bayan minti guda, ba ka yi musu adalci ba. Ƙwan wat 55 yana zafi da sauri, kada a riƙe gilashinsa.

Ga abin da wani tsohon batir ya bayar:

```
V1 = 12.30    I1 = 1.7
V2 = 11.88    I2 = 4.5
```

V bolt ne, I amfa ne. Lamba 1 ƙaramin lodi, lamba 2 babban lodi. Duba da kyau: inda amfa ya fi yawa, nan bolt ya fi ƙasa. In naka bai fito haka ba, ka musanya layi wajen rubutu.

Darasi na 3: Lissafin

Aiki uku ne kawai: ɗebewa, ɗebewa, rabawa. Ba shi da wuya, in ka iya ba da canji a kasuwa ka iya wannan.

Ɗebewa ta farko ta bolt ce. Babba a cire ƙarami: 12.30 a cire 11.88, saura 0.42. Wannan shi ne saukar da bolt ya yi.

Ɗebewa ta biyu ta amfa ce. 4.5 a cire 1.7, saura 2.8. Wannan shi ne ƙarin wutar da aka ja.

Sai rabawa: 0.42 a raba da 2.8, ya ba da 0.15. Turjiyar cikin batirin nan om 0.15 ce.

```
r = (V1 - V2) / (I2 - I1)
r = 0.42 / 2.8 = 0.15
```

Yanzu ku tsaya nan, domin a nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Mutum zai yi ɗebewar bolt daidai, ya samu 0.42, sai ya manta ɗebewa ta biyu, ya ɗauko 4.5 ya raba da ita. Amsarsa ta fito 0.09, ya ce batir da sauransa. Ba haka ba ne. Ba da 4.5 ake rabawa ba. Ba da 1.7 ake rabawa ba, wannan zai ba ka 0.25. Da 2.8 ake rabawa, wato bambancin amfa biyun.

Ga dalili. Lokacin da mita ta nuna 12.30, batirin ba zaune yake ba, ya riga ya fara ba da amfa 1.7. Saukar 0.42 da muka gani ba duka 4.5 ne ya jawo ta ba, ƙarin da aka yi a kan 1.7 ne ya jawo ta. Kamar jaki ne da ke ɗauke da buhu ɗaya, aka ƙara masa biyu ya zama uku, sai tafiyarsa ta ragu. Raguwar ta buhu biyun da aka ƙara ce. To ƙarin nan shi ne 2.8.

Ku faɗa da baki: bambanci a sama, bambanci a ƙasa. Sama bolt, ƙasa amfa. A sake: bambanci a sama, bambanci a ƙasa. Kafin ka danna alamar rabawa a wayarka, duba takardarka, ka ga ɗebewa biyu a rubuce? In ɗaya ce kawai, ajiye wayar. Wanda ya rikice karon farko ba abin kunya ba ne, ya sake daga ɗebewa ta biyu. Amma wanda ya ce shi a ka zai yi, ba sai ya rubuta ba, shi ne kullum ke kawo 0.09. Takarda ba ta yi tsada ba, Malam, rubuta.

Akwai hanyar da za ka kama kanka in ka yi kuskure. Ninka amsarka da amfa na kowane gefe, ka tara da bolt na wannan gefen. Hagu: 0.15 sau 1.7 ya ba da 0.255, a tara da 12.30, ya zama 12.555. Dama: 0.15 sau 4.5 ya ba da 0.675, a tara da 11.88, ya zama 12.555. Sun haɗu, lissafi ya yi. Wannan lambar ita ce ainihin ƙarfin batirin, kusan abin da mita za ta nuna in babu komai a jone. Gwada da 0.09 ka gani: hagu 12.45, dama kusan 12.29. Ba su haɗu ba, an manta ɗebewar amfa.

Gwaji: V1 = 12.40, I1 = 1.7, V2 = 12.26, I2 = 4.5. Ɗebewa nawa za ka yi? Biyu. Amsa om 0.05. Wanda ya samu 0.03 ya san abin da ya yi.

Wannan na biyun batir ne mai ƙarfinsa. Na farkon turjiyarsa ta ninka tasa sau uku. In aka ja amfa 10 daga mai 0.15, bolt ɗaya da rabi zai ɓace a cikinsa ya zama zafi, mai 0.05 kuwa rabin bolt kawai zai rasa. Hanya mafi kyau ta yanke hukunci ita ce ka auna sabon batir irinsa da ƙwan nan biyu, ka ajiye lambar, ka riƙa kwatantawa.

Darasi na 4: Abin da ke ɓata awo

Batirin da aka cire daga caji yanzun nan yana nuna bolt fiye da gaskiyarsa. A bar shi ya huta, ko a kunna masa ƙaramin ƙwan na minti biyu kafin a fara. Batirin da cajinsa ya ƙare kuma turjiyarsa tana hawa ko da lafiyarsa lau, don haka a cika shi kafin a yanke masa hukunci. Sanyi ma yana ɗaga ta: awon asubar hunturu zai ɗan fi na rana a watan Afrilu.

Kada lodi biyun su yi kusa da juna. Ƙwan wat 21 da na wat 25 bambancinsu a mita bai wuce lamba ɗaya ko biyu na ƙarshe ba, kuma waɗannan lambobin rawa suke yi. Kada kuma a ɗauki amfa daga abin da aka rubuta a jikin ƙwan, a auna.

Darasi na 5: Batirin tocila

Hanya ɗaya ce, sai dai a yi amfani da rezisto, wato ɗan ƙaramin abu mai turjiya sananniya, maimakon ƙwan, mai om 10 da mai om 2. A nan bolt kaɗai ake aunawa, amfa kuma a samo shi da raba bolt da om. Da om 10 mita ta nuna 1.40, amfa 0.14 ke nan. Da om 2 ta nuna 1.08, amfa 0.54. Ɗebe, ɗebe, raba: 0.32 a raba da 0.40, om 0.8.

Darasi na 6: Batirin mota

Turjiyarsa ƙanƙanuwa ce sosai, ƙwan nan biyu ba za su motsa mitarku yadda za a yi lissafi ba. Yana buƙatar lodi mai nauyi da mitar da ta fi amfa 10. Kada a gwada da kayan aji.