Yadda ake tsara aikin karɓa-karɓa na awa 12 ga rukuni huɗu, kowa ya samu hutunsa

Wurin aikin da ba a rufe shi dare da rana, asibiti ne ko masana'anta ko ɗakin masu gadi, yana da awa 168 da za a cike kowane mako. Raba su huɗu, kowane rukuni zai tashi da awa 42. Duk yadda ka juya jadawalin wannan adadin ba ya motsi. Abin da ke hannunka shi ne inda ranakun hutu za su faɗa, da lokacin da mutum zai juya daga aikin rana zuwa na dare.

Tsarin da na fi yarda da shi shi ne wanda ake kira 2-2-3: kwana biyu aiki, biyu hutu, uku aiki, sannan biyu hutu, biyu aiki, uku hutu. Ba wanda zai jera fiye da kwana uku yana aiki, kuma duk bayan mako biyu mutum na samun Juma'a, Asabar da Lahadi a gida. Akwai mai kwana huɗu aiki huɗu hutu, ya fi sauƙin haddacewa, sai dai zagayensa kwana takwas ne, saboda haka hutun yana ta zamewa cikin mako, ba ya tsayawa a rana ɗaya.

Ka fara da tsayar da lokacin canji. Mu ɗauki bakwai na safe da bakwai na yamma. Ka kuma yanke tun yanzu cewa aikin dare na ranar da aka shiga ne: daren Lahadi da ya ƙare safiyar Litinin a Lahadi za a rubuta shi. In ba a daidaita kan wannan ba, wata rana za ka tarar da mutum biyu sun zo, wata rana ba kowa.

Daga nan sai ka rubuta layi ɗaya tak na kwana 28, daga Litinin. R rana ce, D dare, H hutu.

```
        Li Ta Lr Al Ju As Lh
Mako 1  R  R  H  H  R  R  R
Mako 2  H  H  R  R  H  H  H
Mako 3  D  D  H  H  D  D  D
Mako 4  H  H  D  D  H  H  H
```

Wannan layin duk rukunonin za su bi, abin da ya bambanta su kawai inda kowa ya fara. Rukuni na ɗaya ya fara a mako 1, na biyu a mako 2, na uku a mako 3, na huɗu a mako 4. Litinin ta gaba kowa ya sauka layin da ke ƙasa, wanda ya gama mako 4 ya koma sama. Ka duba teburin daga sama zuwa ƙasa: kowace rana R ɗaya ce, D ɗaya, H biyu. Tunda kowane mako layukan nan huɗu ne ake rabawa, ba ranar da za ta zo babu mai aiki.

Anan ne mutane da yawa ke kuskure, kuma kuskuren ba ya nunawa a takarda. Sai su haɗa rukuni bibbiyu: biyu su yi rana mako biyu, biyu su yi dare, sannan a musanya gaba ɗaya a Litinin ɗaya. Lissafin awanni zai fito daidai. Amma ka bi sawun mutum ɗaya. Wanda ya gama darensa na ƙarshe ranar Alhamis ya tashi safiyar Juma'a, ba zai dawo ba sai safiyar Litinin, awa 72 ke nan ya gyara barcinsa. Abokinsa da ya yi daren Juma'a, Asabar da Lahadi a jere ya tashi safiyar Litinin, Laraba da bakwai na safe ana jiransa. Awa 48 kacal, ga shi ya fito daga dare uku, kuma yinin farko a barci zai tafi. Rukuni biyu ne za su riƙa shan wannan kowane wata, biyu kuwa ba za su taɓa ɗanɗanawa ba. Kafin wata uku za ka fara jin ana cewa akwai 'yan mowa da 'yan bora. Da layi ɗaya da aka zame wa kowa mako guda, duk canji yana zuwa ne bayan hutun kwana uku: awa 96 daga rana zuwa dare, awa 72 daga dare zuwa rana, ga kowa.

Bayan ka baje jadawalin wata guda, ka gwada shi da biro. Kowane rukuni ya zama yana da R bakwai, D bakwai, H 14. Kar a samu R washegarin D. Shiga 14 sau awa 12 ya ba da 168, wato 42 sau huɗu.

Sai batun ranar da makon albashi ke farawa, wanda ake yawan mantawa. In daga Litinin ake ƙirga, mako ɗaya zai nuna awa 60, mai bi masa 24. In daga Lahadi ne, jadawalin nan dai zai nuna 48 da 36. Aiki ɗaya, amma kuɗin ƙarin lokaci da za a biya zai iya bambanta sosai. Ka zauna da mai lissafin albashi, ku duba abin da dokar ƙwadago da yarjejeniyar ma'aikata suka ce kan iyakar awanni a mako kafin ka liƙa komai a allo. Minti 15 na miƙa aiki ma ka sa su a lissafi, don wanda ya tsaya yana yi wa mai karɓarsa bayani aiki yake yi.

Raunin tsarin shi ne ba shi da rara. Mutum ɗaya ya kwanta rashin lafiya, gurbinsa a buɗe yake, kuma ba a cewa wanda ya yi awa 12 ya ƙara wasu. Dole a kira daga masu hutu, su ma ba kowa ba. Ɗauki safiyar Litinin: masu hutu rukuni biyu ne, ɗaya yanzu ya tashi daga dare uku, ba a ko taɓa shi, ɗayan ya jera Juma'a zuwa Lahadi, in ya zo ya yi huɗu ke nan. Talata ta fi sauƙi, don mai mako 2 ya huta Litinin, zai iya haɗa Talata da Larabarsa da Alhamis ya tsaya a uku.

Saboda haka ka ƙirga 'yan cike gurbi tun farko. A ce kowane canji yana bukatar mutum biyar, 20 ke nan gaba ɗaya. Kowa yana da shiga 182 a makonni 52. In hutun shekara da jinya da horo suna cin shiga 20 na kowane mutum, guraben da za su buɗe 400 ne. Mai cike gurbi shi ma zai yi nasa hutun, shiga 162 zai iya. Raba 400 da 162, ka samu kusan biyu da rabi, wato mutum uku. Wanda ya ɗauki 20 cif-cif zai cike guraben ne da ranakun hutun mutanensa, sai H ɗin ta rage a takarda kawai.

Musanya tsakanin ma'aikata kuwa ka bari, amma a rubuce, da sa hannun shugaban rukuni, bisa sharaɗi biyu: kar musanyar ta kai mutum ga kwana huɗu a jere, kar kuma ta sa shi shiga aiki bai cika awa 12 da tashi ba.