Falon da rana ke shiga, talabijin OLED ko LED?

Jama'a in falonku taga ce babba rana na zubowa da azahar, ni dai ina ganin ku bar OLED ku dau LED mai karfin haske. Ita OLED kowane digo shi ke kunna kansa, shi ya sa bakinta baki ne wuluk, amma sai da dare ake ganin kyan nan, da rana in hoto ya cika da haske kamar filin kwallo sai ta rage haske da kanta saboda zafi. LED kuwa fitila ce a bayan gilashin tana tura haske gaba daya, bakinta dan toka-toka ne amma wa zai lura da rana? Ku duba nits, wato ma'aunin karfin hasken talabijin, kar ya gaza 600, kuma kar a kafe ta tana kallon taga.