Kurakuran da ake yi wajen ba yaro lada a kan abin da yake so

Abu biyu ne ke sa mutum ya dage da aiki: ko dai aikin kansa yana yi masa daɗi, ko kuma yana hangen abin da zai biyo baya, kuɗi ko maki ko tsira daga faɗa. Kuskuren da iyaye da malamai suka fi yi shi ne zaton cewa yaro mai son karatu in aka haɗa masa da kyauta, son nasa zai ninku. Sau da yawa kyautar ce ke cinye son.

A 1973, masana halayyar ɗan Adam Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun wallafa gwajin da suka yi kan wannan a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Sun zaɓi yaran da dama can suna son zane, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman zanen a aji, ba wanda ya ce kowa ya taɓa. Yaran da aka yi wa alkawari sun yi zane kusan rabin lokacin da sauran suka yi. Waɗanda takardar ta zo wa ba zato kuwa, sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe illar tana cikin sharaɗin ne: "in ka yi kaza, zan ba ka kaza." Daga nan yaro yakan fara ganin don takardar yake zane.

A ɗauki yarinya 'yar shekara tara da ke karanta littattafan labari da kanta. Mahaifinta, don jin daɗi, ya ce duk littafin da ta gama zai ba ta kuɗi. Makon farko ta gama fiye da yadda ta saba, shi kuma ya ce dabara ta yi aiki. Nan ne kuskure na biyu, auna nasara alhali ladan yana gudana. Ba a gane gaskiya sai lokacin da babu mai kallo kuma babu biya. Akwai alamu tun kafin nan: ta koma zaɓen littattafai marasa kauri, tana tsallake shafuka, ta daina ba da labarin abin da ta karanta, kuma kafin ta buɗe sabo sai ta tambaya, "Baba, wannan ma da kuɗi?" Wannan tambayar ita kaɗai ta isa uba ya farga.

Gyaran ba yanke kuɗin rana ɗaya ba ne, domin za ta ji kamar hukunci aka yi mata. A raba kuɗin da karatun: in za a ba ta na kashewa, a ba ta ko ta karanta ko ba ta karanta ba. A bar ƙirga littattafai, a bar ta ta zaɓi wanda take so, har ta ajiye wanda ya gundure ta. Sannan uban ya tambaye ta labarin da gaske, kamar mai son ji, ba kamar mai jarrabawa ba. Karatun zai iya ja baya na ɗan lokaci, kada hakan ya sa a koma biya.

Yabo ma yana da nasa tarkon. "Yawwa, haka nake so ki riƙa yi" magana ce ta mai iko, tana mai da karatun biyayya. "Na ga yadda kika gano ma'anar wannan kalmar daga jimlar" kuwa tana nuna mata gwanintarta. Masana halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun bayyana cewa sha'awa tana rayuwa ne in mutum yana jin shi ya zaɓa, kuma yana jin yana ƙwarewa. A ganina, mafi yawan yabon da ke ɓata yara irin na farkon ne.

Wasu kuma da sun ji wannan sai su ce lada duka guba ne. Ba haka ba ne. Bitar bincike 128 da Deci da Richard Koestner da Ryan suka yi a 1999 ta nuna illar tana ga lada na abin hannu da aka yi alkawarinsa a kan aiki mai ban sha'awa, kuma ta fi tsanani ga yara fiye da ɗaliban jami'a. Aikin da dama ba ya burge yaro, kamar haddace jadawalin ninkawa, babu sha'awar da za a kashe a cikinsa. Ƙaramin lada zai iya sa shi ya fara, a riƙa rage shi yayin da yake ƙwarewa, tare da gaya masa amfanin abin a fili.