Babi na Bakwai: Sibi na Farko ga Wanda Bai Taɓa Aikin Albashi Ba

Sibi ita ce takardar da mai neman aiki ke rubuta bayanin kansa, wadda ake rubuta CV a samanta. A nan Najeriya galibi da Turanci ake buga ta, amma tunaninta da Hausa za ka fara, a takarda da biro, kafin ka doshi shagon buga takardu.

Inda sabon mai digiri ko difloma yake cijewa wuri ɗaya ne: gurbin da ake rubuta ayyukan da mutum ya taɓa yi. Wani ya bar shi fayau. Wani kuma ya ce wa yaron shago, "Ka sa mini irin ta kowa," sai a ɗauko ta wani, a goge suna a sa nasa. Na taɓa riƙe irin wannan a hannuna. Saurayin a Ƙofar Ƙaura aka haife shi, ko rafi bai taɓa shiga ba, amma takardarsa ta ce abin sha'awarsa ninƙaya ne.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani matashi ya gama karatun tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Ya zo ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa aiki a ko'ina ba, me zan rubuta?" Ba za mu fara da buga komai ba. Tambaya za mu yi masa: a shekarun nan huɗu, me ka yi da hannunka wanda wani zai iya shaida?

Abu na farko furojet ɗinsa na ajin ƙarshe. Yawancin ɗalibai take kawai suke rubutawa su wuce, alhali take ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki komai. Abin da yake son sani shi ne wahalar da ke ƙarƙashin taken. Da muka tona, sai ga shi matashin nan ya yi bincike ne kan hawa da saukar farashin gero a babbar kasuwar Katsina. Shi ya tsara takardar tambayoyi. Ya yi mako shida yana bin rumfuna, ya tattauna da 'yan kasuwa 120, waɗansu sai da ya koma sau uku kafin suka saurare shi. Ya zuba amsoshin a Excel, ya fitar da jadawali, ya rubuta rahoto mai shafi 65, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wannan ai aiki ne. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar masu tattara bayanai a ƙauyuka irinsa suke biyan mutane su yi.

Kowane layi da za ka rubuta a nan yana bukatar abu uku: abin da ka yi, yawansa, da abin da ya fito. Ka fara da kalmar aiki, wato na tsara, na tattara, na koyar, na jagoranta. Sai lamba ta biyo baya, domin lamba ce ke raba magana da surutu. "Ina da ƙwazo" kowa na iya faɗa, har malalaci. "Na tattauna da 'yan kasuwa 120 cikin mako shida" kuwa sai wanda ya sha ranar. Ga yadda zai fito a kan takarda:

```
Final-Year Project: Millet Prices in Katsina Central Market
- Designed a questionnaire and interviewed 120 traders in 6 weeks
- Analysed the data in Excel and wrote a 65-page report
```

Layi biyu ko uku sun isa. Kada ka kwafo babin farko na furojet ɗin ka zuba.

Abu na biyu shi ne aikin sa kai, kuma nan ne mutanenmu suka fi yi wa kansu ƙwauro. Mun taso ana hana mu yabon kai, ga shi kuma abin da aka yi don Allah mutum yana jin nauyin ambatonsa. Matashin namu shekara uku yana koyar da yara 45 a Islamiyyar unguwarsu da yamma, shi ke riƙe rajista, shi ke haɗa sakamakon jarrabawa, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya kuma yi ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashensu na shekara ɗaya, yana karɓar kuɗin mambobi yana rubutawa a littafi. A ganina faɗin wannan ba fariya ba ne, tunda mai ɗaukar aiki ba duba yake yi ba, abin da ka rubuta kaɗai ya sani. Mutumin da ya riƙe aji shekara uku ba albashi ya nuna yana zuwa a kan lokaci, wanda kuma aka damƙa wa kuɗin jama'a ya miƙa lissafi cif ya nuna amana. A rubuta sunan wurin, da matsayin, da watan farawa da na gamawa.

Abu na uku shi ne aikin aji, kuma shi ne mafi rauni a cikin ukun, don haka a taɓa shi sama-sama. Zaɓi ɗaya ko biyu da suka dace da aikin da kake nema, kamar aikin rukuni da ka jagoranta ko na awon fili da kuka fita. Jera sunayen darussa ashirin cika takarda ne kawai. Amma idan ka yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, ko koyarwar gwaji, ko kana bautar ƙasa, waɗannan su za su hau sama, domin a wurin aiki na gaske aka yi su.

Sai a kula da kan da za a ɗora wa wannan sashe. Kada ka kira shi Work Experience kamar an biya ka albashi. Rubuta Projects and Volunteer Experience, ka sa shi nan da nan bayan sashen karatu. A kowane sashe abin da ya fi kusa da yau shi ke fara zuwa, digiri kafin sakandare. Duka takardar kada ta wuce shafi ɗaya, in ta matsa biyu.

Ta yaya za ka gane ka yi ƙari? Ka ba yayanka ko wani abokinka takardar, ya ɗora yatsa a kowane layi ya ce, "Ba ni labarin wannan." In ka iya yin minti biyu kana bayani ba inda-inda, layin ya zauna. In ka fara kame-kame, goge shi, domin irin wannan tambayar za a yi maka ranar intabiyu. Wanda ya rubuta ya iya manhajar lissafi ta SPSS alhali biya ya yi aka yi masa lissafin furojet, tambaya ɗaya ce za ta tona shi, daga nan kuma sauran gaskiyar da ke takardar ma ba za a yarda da ita ba.

Masu tsaya maka shaida su fito daga cikin waɗannan ayyuka: malamin da ya duba furojet ɗinka, da shugaban Islamiyyar. Ka je ka gaishe su ka nemi izini kafin ka sa lambarsu, kada a kira malami ya ce bai tuna ka ba. Kawunka ko babanka ba sa shiga nan, komai girman muƙaminsu.

Aikin gida: raba takarda gida uku, furojet, aikin sa kai, aikin aji. A kowane gida rubuta abu biyu da Hausa, kowanne da lambarsa da watanninsa da sunan wanda zai shaide shi. Ku zo da ita mako mai zuwa, tare da satifiket ɗinku, domin mu duba ko rubutun sunanku ya zo ɗaya a dukansu kafin mu juya layukan zuwa Turanci.