Yadda Na Hana Gilashin Kyamarata Yin Gumi

A damina, da na fito da kyamara daga ɗakin taro mai iyakwandishan a Nasarawa, sai gilashin ya yi fari. Dalilin shi ne gilashin ya yi sanyi, danshin iskar waje ya kwanta masa. Gogewa ba ta magani, nan take yake dawowa.

Yanzu tun ina ciki nake saka ta a leda mai zif, in matse iskar, in rufe. A waje sai in bar ta kamar minti 20 ta ɗumama. Gumin a bayan leda yake tsayawa.

Ƙurar hunturu kuwa, robar hura iska nake fara sa mata kafin ƙyalle, don yashin yana karce gilashi.