Yadda Za Ka Rubuta Shekarunka na Shagon Gida a Takardar Neman Aiki

Ɗauki misalin wanda ya yi shekara shida a shagon atamfa na mahaifinsa a Kantin Kwari, yanzu yana neman aikin kula da sito a kamfani.

1. Kada ka rubuta "ina taya Baba a kasuwa". Sa sunan shagon kamar yadda yake a rasit, da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, idan akwai, sannan wata da shekara: Maris 2018 zuwa Yuni 2024.

2. Zaɓi muƙamin da ya yi daidai da aikinka, kamar "mai kula da sito da ciniki". Masu sa wa kansu "Janar Manaja" a shago mai yara uku, tambaya biyu ke tona musu asiri wurin intabiyu.

3. Nan ne aikin yake. Ɗauko littafin ciniki da na bashi ka fitar da adadi. Maimakon "sayar da kaya", rubuta: "Ina karɓar dila 15 duk wata, ina ƙirga turmi-turmi, ina daidaita lissafi da littafi duk Asabar, ina bin bashin 'yan sari 30." Adadin da ba ka da takardarsa, bar shi, don za a ce ka nuna.

4. Mai tsaya maka kada ya zama mahaifinka. Kamfanoni ba sa ɗaukar shaidar uba da nauyi. Nemi dilan da kuke sari a wurinsa, ko shugaban layinku, ya ba ka wasiƙa mai hatimi da lambar waya. Ka sanar da shi kafin a kira.