Littafin ciniki ba abin ɓoyewa ba ne

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa. Sana'ata ita ce tsara lissafin shaguna, kuma na lura cewa da yawa daga cikinmu suna ɓoye littafinsu don tsoron jami'an haraji, alhali idan babu rubutu a hannu, ƙiyasi za a yi musu, kuma ƙiyasi bai san asara ba.

Matsalar da na fi gani ita ce rubuta ciniki kaɗai. Mu ɗauka mai shinkafa ya sari buhu 10, kowanne a kan naira 70,000, ya sayar a kan 74,000. Littafinsa zai nuna 740,000, amma da ya rubuta kuɗin sari 700,000, da na mota da 'yan dako 15,000, za a ga cewa abin da ya rage masa 25,000 ne kacal, tun kafin a cire hayar shago. A bisa ƙa'ida, harajin kuɗin shiga yana hawa kan riba ne, ba kan jari ba.

Saboda haka a ware shafin hagu don abin da ya fita, na dama don abin da ya shigo, kowanne da kwanan wata, a kuma liƙa rasit na sari a bayansa. Kuɗin cefane da aka ɗiba daga aljihun shago a rubuta shi daban, domin ba ya cikin ɗawainiyar kasuwanci. Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan haraji, a nemi rasit na hukuma daga hannunsa.